Wata huɗu ina ganin jini bayan kwanciyar aure, maganin sanyi bai tsayar da shi ba

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa, yau dai na ce bari in cire kunya. Shekarata 38, haihuwata biyar, autana ya shekara uku. Tun bayan ƙaramar sallah, kusan duk lokacin da muka sadu da maigida sai na ga jini. Ba mai yawa ba ne, ɗan ja-ja ne nake gani in na shiga wanka, wani lokacin ya yi ta ɗiga har hantsi sannan ya ɗauke. Ba na jin zafi ko kaɗan, al'adata kuma tana zuwa a kan lokacinta. Sau uku ina zuwa wani kemis a unguwarmu, duk zuwa sai ya ce sanyi ne, ya haɗa mini ƙwayoyi da na matsi. Na sha, na gama, jiya ma na sake gani. Don Allah wadda ta taɓa irin wannan ta faɗa mini abin da ta yi.

Anti Hadiza: Wa alaikumus salam. Maman Khalil, sanyi ne, kuma ya kama ki sosai. Abin da ya sa ba ya jin magani, ke kaɗai kike sha. In maigida bai sha ba, kina warkewa zai mayar miki. Ki samu bagaruwa ki tafasa ki riƙa zama a ciki safe da dare, ki haɗa da kanumfari da tafarnuwa kina sha. Sati biyu ki dawo ki ba mu labari.

Amaryar Bana: Anti ki kwantar da hankalinki, ni ma na yi ta gani satin farko, har na kira Mama ina kuka ta ce kowa da haka ta fara. Da kansa ya daina.

Anti Hadiza: Amarya, koma ki karanta da kyau, haihuwarta biyar fa.

Amaryar Bana: Kai, ku yi haƙuri, ban kai ƙarshe ba na yi magana.

Sista Murja: Maman Khalil, kin kyauta da kika faɗa. Ni aikin ungozoma nake yi, kuma yawancin shekaruna a ɗakin duba mata na yi su. Kafin in ce komai ina da tambayoyi. Yaushe rabonki da al'ada? Kina tsarin iyali, in kina yi wane iri? Akwai ruwa mai wari ko mai launi da ke fito miki, ko ciwon mara? Kina matsa wani abu ban da wanda kemis ya ba ki? Sai babbar tambayar: a wata huɗun nan, akwai wanda ya kwantar da ke ya haska fitila ya kalli bakin mahaifarki da idonsa?

Maman Khalil: Anti Sista, na yi wanka kwana goma sha biyu da suka wuce. Ba na tsarin iyali, tun da na cire na hannu bara ban sake ba. Ruwa akwai, ɗan rawaya-rawaya, ba shi da wari sosai. Mara ba ta ciwo. Ina ɗan matsa miski bayan al'ada, shi ke nan. Duba kuwa babu wanda ya duba ni, shi mai kemis ta bayan kanta muke magana, ina faɗa ƙasa-ƙasa saboda mutane.

Sista Murja: To nan matsalar take. An yi miki magani sau uku ba a ga wurin da ke jinin ba. Anti Hadiza, rabin maganarki gaskiya ce, zan dawo kanta, amma ba ni da ikon cewa sanyi ne, ke ma ba ki da shi, mai kemis ma haka. Jinin da ke fita daga ƙaramin tsiro marar illa, da wanda ke fita daga kumburin sanyi, da wanda ke fita daga sankarar bakin mahaifa in tana farawa, duk kamarsu ɗaya a tsumma: kaɗan ne, ja ne, kuma sau da yawa babu zafi. Bakin mahaifa ba ya jin ciwo irin yadda fatar hannu ke ji, shi ya sa rashin zafin ba ya kwantar mini da hankali, ba ya kuma tayar mini da shi. Bai gaya mana komai ba.

Kada kalmar sankara ta hana ki barci. Yawancin matan da ke zuwa mana da wannan kukan ba ita muke samu ba. Amma tana cikin jerin, kuma ita ce wadda jira ke ɓata wa lissafi. Ki je asibiti cikin satin nan, ɓangaren mata. Ki tsayar da miski da duk wani matsi, kada ki zauna a ruwan bagaruwa kafin ki je, don yana busar da wurin ya wanke ruwan da ake son ɗiba a gwada.

Hajiya Inna: Ɗiyata ki ji maganar Sista. Ƙanwata da muke ciki ɗaya ta shekara shida da daina al'ada, sai jini ya dawo mata, daga farko sai in sun kwana da mai gidanta. Ta ce mini, Yaya, ƙuruciya ce ta dawo, muka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka ce basir ne, aka ce sammu ne. Sai da ruwa mai ƙarni ya fara zuba, tana canza zane sau uku a yini, ga ciwon baya, sannan muka kai ta. Likitar da ta duba ta ko minti biyar ba ta yi ba ta fito ta kira ni gefe. Aka tura mu Shika, muka yi ta zarya tsakanin Katsina da Zariya. Allah Ya karɓi abarsa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, amma shekara guda da rabi muka zauna da abin a ɗaki.

Maman Khalil: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙanta, Hajiya. Jikina duk ya yi sanyi.

Sista Murja: Allah Ya gafarta mata, Hajiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Ku riƙe wannan daga labarinta: mace in ta shekara guda cur da daina al'ada, duk jinin da ta gani bayan nan, ko ɗigo ɗaya ne, na asibiti ne. Sau da yawa bushewa ce kawai, domin bayan ɗaukewar al'ada fatar gaba tana yin siriri ta bushe, gogayya kaɗan sai ta tsage, kuma akwai man shafawa da ke gyara wannan. Amma a wannan shekarun ba bakin mahaifa kaɗai ake dubawa ba, har cikin mahaifar ake yi wa hoto a ga kaurin bangonta.

Ummu Sudais: Bari in kawo nawa ko hankalin Maman Khalil zai ɗan kwanta. Ni a Daura nake, shekarata 24. Bayan na yaye Sudais na fara shan ƙwayar tsarin iyali ta kullum, wata uku sai ga irin wannan jinin, ga farin ruwa mai yawa kamar majina. Na yi kuka na ƙoshi, na ce tawa ta ƙare. Da aka duba ni a babban asibiti, likitar ta ce fatar cikin bakin mahaifa ce ta leƙo waje. Har ta zana mini a takarda, da'ira da ja a tsakiya. Ta ce ba ciwo ba ne, ƙwayar ce ke jawo shi. Aka canza mini tsari, bayan 'yan watanni ban sake gani ba. Don haka ni ina ganin naki ma shi ne.

Sista Murja: Ummu Sudais, abin da aka gaya miki daidai ne. Bakin mahaifa yana da fata iri biyu. Ta waje mai ƙwari ce, santsi gare ta kamar cikin kumatu. Ta cikin ƙofar kuwa laushi gare ta, ja ce, jijiyoyin jininta a kusa suke. A jikin 'yan mata, da masu ciki, da masu shan irin ƙwayarki, ta cikin takan zazzago waje, to da an taɓa ta sai ta yi jini. Wasu ma'aikata suna ce wa mata "kina da gyambo a mahaifa", wannan kalmar tana tsorata mutane a banza, ba gyambo ba ne. In bai dame ki ba a bar shi, in ya dame ki ana ɗan ƙona wurin ko a daskarar da shi.

Inda ban bi ki ba shi ne "naki ma shi ne". Shekararki 24 kina shan ƙwaya, ita 38 ba ta shan komai. Kuma ke ba a ce miki shi ne ba sai da aka gani.

Maman Khalil: Anti Sista, gaskiya abin da ke hana ni zuwa tsoron ƙarfen nan ne. An ce buɗe mutum ake yi da shi. Kuma in namiji na tarar fa?

Sista Murja: Wadda ta haihu biyar ba za ta ji tsoron wannan ba in ta gan shi. Bari in faɗa miki yadda za a yi tun daga ƙofa. Za a fara da tambayoyi irin waɗanda na yi miki. Sai a karɓi fitsari a yi gwajin ciki, ko da kin rantse ba ki da shi, domin jinin mai ƙaramin ciki hanyarsa daban ce, ana tunanin ɓari ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Sai ki yi fitsari ki kwanta, a rufa miki zane. Za a fara duba waje, ko akwai tsagewa ko ƙuraje. Sannan a sa abin, kamar bakin agwagwa yake, akwai na ƙarfe akwai na roba, ana shafa masa mai, a shigar da shi a rufe, sai a ɗan buɗa. Za ki ji nauyi da ɗan sanyin ƙarfe. In kika saki jiki kina numfashi ta baki, ba ya kai minti biyar.

Da fitila ake kallo. Bangon farji ya bushe ne ko ya ƙuje? Bakin mahaifa ya yi ja ya kumbura, yana fitar da ruwa kamar mugunya? Akwai tsiro da ya leƙo ta ƙofar? Akwai wani wuri mai gargada da ke fashewa da jini da an taɓa shi da auduga? Za a ɗibi ruwan da ɗan tsinke mai auduga a kai ɗakin gwaji. A ƙarshe a cire, a sa yatsu biyu ciki hannu ɗaya a kan mara, a ji girman mahaifa da ko akwai zafi in an motsa ta.

Zancen namiji kuwa, ki faɗa tun wurin yankar kati cewa mace kike so. A asibitin Turai 'Yar'aduwa da asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina duk akwai ma'aikata mata. In ya zama likitan da ke aiki ranar namiji ne, haƙƙinki ne ma'aikaciya mace ta tsaya a kanki har a gama. Ki tafi da audugar mata a jaka, za ki iya ganin ɗan jini bayan dubawar.

Anti Hadiza: To Sista, kin ce za ki dawo kaina. Ni dai na san sanyi yana sa jini, don ya yi mini.

Sista Murja: Yana sawa ƙwarai, Anti. Matsalata da kalmar ce. Mu nan komai sanyi ne: ƙaiƙayi sanyi, farin ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi. Alhali cututtuka ne daban-daban, maganinsu ma daban. Mai ƙaiƙayi da farin abu kamar dusar awara, wanda ake ba da na matsi dominsa, ba kasafai yake kawo irin wannan jinin ba, kuma ba lallai daga miji ake samunsa ba. Waɗanda ke kama bakin mahaifa su sa shi jini su ne irin kilamidiya da ciwon sanyi na ainihi mai sa maza fitsarin mugunya, kuma ta saduwa ake ɗaukarsu. Kilamidiya munafuka ce, tana iya shekara a jikin mace ko namiji ba alamar komai, tana hawa sama tana toshe hanyar ƙwai. A nan maganarki ta zama gaskiya: in ita ce, dole a yi wa miji magani, a kuma haƙura da juna kwana bakwai har kowa ya gama shan nasa. Na matsi ba ya kashe ta, bagaruwa ma ba ta kai inda take.

Maman Khalil: Mu biyu ne fa a gidan.

Sista Murja: To ku uku ke nan za ku sha, in an tabbatar. Amma kada ki ɗaga wannan maganar a gida tukuna, bari a ga sakamako.

Anti Hadiza: Bagaruwa dai iyayenmu sun yi amfani da ita ba su mutu ba. A nan kam ban yarda ba.

Sista Murja: Zama a ruwan ɗumi bayan haihuwa ban hana ba. Abin da nake gani da idona shi ne na cusawa: alif, kanwa, garin da ba a san me aka daka a ciki ba, wai don a matse. Matsewar da ake ji bushewa ce da kumburi. Na sha buɗe mace in tarar bangon ya yi fari ya saɓule kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa, ga guntun ƙullin magani a maƙale. Irin wannan fatar dole ta yi jini in an sadu, kuma ƙofa ce a buɗe ga kowace cuta.

Malama Asiya: Tambayar da ba a yi ba ita ce sallah. Maman Khalil, ya kike yi da ibada in kin ga jinin?

Maman Khalil: Wallahi Malama a rikice nake. Wani lokacin in bari sai ya ɗauke in yi wanka, wani lokacin in yi sallata.

Malama Asiya: Abin da na karanta, jinin rauni ko na ciwo ba haila ba ne, ba ya hana sallah, a wanke a yi alwala. Amma an yi bayani mai tsawo a kan jinin da ya zo bayan tsarki ya cika kwana goma sha biyar, ba na so in yanke miki hukunci da ka. Abin da likita ya gani zai taimaka, in an ce daga tsiro ne ko rauni to an san ba na al'ada ba ne. Ki samo wannan amsar, sai mu kai wa malaminmu tambayar a cike.

Zainabu: Anti Sista, ni tambayata daban ce. A ƙauyenmu kusa da dam ɗin Ajiwa muka tashi, kullum muna ruwa, wanki da wanka. Muna yara har fitsarin jini mun yi, aka ba mu magani a makaranta. Yanzu yayata tana ganin jini bayan saduwa, an yi ta ba ta maganin sanyi. Wata ta ce wai tsargiya tana iya yin haka. Gaskiya ne?

Sista Murja: Gaskiya ne, kuma na ji daɗi da kika kawo shi don mu kanmu ma'aikata muna mantawa. Tsutsar tsargiya ba a mafitsara kaɗai take zuba ƙwai ba, tana zubawa a bakin mahaifa da farji. Wurin sai ya yi wasu tabo masu kama da an watsa yashi, rawaya-rawaya, jijiyoyin jini su yi ruɗu-ruɗu, da an taɓa sai jini. Yana iya fitowa shekaru bayan an bar shiga ruwan, kuma gwajin fitsari yana iya fitowa babu komai. Ana ruɗa shi da ciwon saduwa, har a zargi mace ko mijinta a banza, wani lokacin ma a ruɗa shi da sankara. Maganin shi ne wanda aka ba ku a makaranta, firazikwantel, ana auna shi da nauyin mutum. Yana kashe tsutsar, amma tsohon tabo ba lallai ya goge duka ba. Yayarki ta buɗe baki ta gaya wa likita cewa a bakin dam ta girma, in ba ta faɗa ba ba lallai a tambaye ta ba. Haka duk wadda ta tashi wajen Zobe ko Jibiya ko Sabke. Kuma kada ta sayi maganin ta sha ta zauna, a duba ta tukuna.

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Yau kwana shida da maganarmu, na je na dawo. Hajiya Inna, labarin ƙanwarki ne ya fitar da ni daga gida, na kwana biyu ina juyi. Na isa tun bakwai da rabi, ban ga likita ba sai wajen azahar. Mace ce. Gwajin ciki babu. Da ta sa abin, wallahi Anti Sista yadda kika faɗa, sanyin ƙarfen kawai na ji. Sai ta ce, "Hajiya, ga mai laifin nan." Wai tsiro ne ja, kamar ƙwayar gyaɗa, yana reto da ɗan siririn wuya daga ƙofar mahaifa. Ta ce tana taɓa shi ya fara jini. Ta tambaye ni ko ta cire shi yanzu, na ce bismillah. Ta kama shi da wani almakashi marar kaifi ta yi ta murɗawa, na ji kamar ciwon mara na al'ada, sai ga shi a ɗan kwalba cikin ruwa. Na gan shi da idona, abin da ya hana ni sukuni wata huɗu bai kai kan ɗan yatsana ba.

Amma ba a gama ba. Ta ce bakin mahaifar ya yi ja kuma akwai ruwa mai launi, ta ɗiba, ta rubuta allura ɗaya da ƙwaya safe da dare na kwana bakwai, ta ce maigida da abokiyar zamana su zo. Tsiron kuma an kai ɗakin gwaji, sai bayan sati uku. Ta ce in komai ya lafa in dawo bayan sati shida a yi gwajin bakin mahaifa. To in tsiron ne mai laifi, me ya sa ake ta wannan kuma?

Sista Murja: Alhamdulillah. Likitarki ta yi aiki mai kyau. Irin wannan tsiron kusan dukansu ba sankara ba ne, an fi ganinsu ga matan da suka haihu da yawa, daga wajen shekara arba'in. Ana kai shi gwaji ne don ido ba ya rantsuwa a kan nama. Ki karɓo sakamakon da hannunki, kada ki ce ai da akwai matsala da sun kira.

Dalilin dawowar kuma, samun abu ɗaya ba ya nufin babu na biyu. Sankarar bakin mahaifa ba rana ɗaya take faɗowa ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, ana ɗaukarta ta saduwa, kuma ta yaɗu har yawancin masu aure sun taɓa haɗuwa da ita ba su sani ba, jiki ya kore ta da kansa. Ga wasu sai ta zauna tana canza fatar wurin a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ga mai raunin garkuwar jiki kamar mai ƙanjamau kuma 5 zuwa 10. A tsawon shekarun nan ido kawai ba ya ganin canjin. Shi ya sa ake shafa ruwan khal mai tsami, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Wasu wuraren kankaro ƙwayoyin fatar suke yi a duba a madubin gwaji, wasu kuma ƙwayar cutar kanta suke nema. An ce ki jira sati shida ne saboda jini da kumburi suna ɓata sakamakon. In an ga farin wuri, ana ƙona shi da ɗan ƙarfe mai zafi ko a yanke shi da siririyar waya, ki koma gida ranar, mahaifarki tana nan.

Abu ɗaya ku kiyaye duka. Wannan gwajin na wadda bakin mahaifarta ya yi kyau a ido ne. In likita ya ga wani ƙulli ko gyambo mai zubar jini, ba shafa khal ake yi ba, yankar ɗan nama ake yi a kai gwaji kai tsaye. Haka wadda aka ce gwajinta lafiya amma jinin bai daina ba, ta koma, kada ta riƙe takarda tana cewa ai an duba.

Ummu Sudais: Wannan HPV ɗin ita ce ake yi wa yara mata allurarta? An zo makarantar ƙanwata, Baba ya hana, ya ce ta hana haihuwa ce.

Sista Murja: Ita ce. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Tana kare su daga nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankarar. Ba ta hana haihuwa, 'ya'yana biyu an yi musu. Ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauka, shi ya sa ake yi tun kafin aure, mu manya kuma namu gwaji ne.

Hajiya Inna: Ummu, ki ba Babanku labarin ƙanwata. In yana so ya ji daga bakina ma zan faɗa masa.

Maman Khalil: Yanzu babban aikin shi ne gida. Na gaya wa maigida, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai, me zai kai shi asibitin mata. Ita kuwa abokiyar zamana ban ma san ta inda zan fara ba. In na ce mata ta sha magani, cewa za ta yi na ce ita ta kawo.

Anti Hadiza: Kada ki kuskura ki faɗa mata da bakinki. Shi ya ajiye ku, shi zai faɗa.

Malama Asiya: Ni kuma ina ganin in kuna zaman lafiya, gara ta ji daga gare ki da lallashi, ki nuna mata takardar. Namiji zai iya jefa maganar yadda za ta zama faɗa.

Sista Murja: Wannan kun fi ni sanin gidajenku. Abin da zan iya cewa, rashin jin komai ba shaida ba ce, maza da yawa suna ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau a ido. Kuma gwaji ba ya nuna wa ya fara kawowa ko yaushe, tana iya daɗewa a jiki, don haka babu wanda zai nuna wa wani yatsa. Ba sai ya shiga layin mata ba, ki roƙi likitar ta rubuta masa takarda ya je ɓangaren maza, ko ku je tare ta yi masa bayani da kanta, sun fi jin maganar in daga bakin likita ta fito. Ke dai ki gama kwana bakwanki, ki bar wurin da aka cire tsiron ya warke yadda ta ce miki, kuma kada ku koma shimfiɗa sai shi ma ya gama nasa. In kin ga jini mai yawa da gudaji, ko zazzaɓi da ciwon mara, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Maman Khalil: Na ji, Anti Sista. Yau kwana na uku da fara ƙwayar, tana ɗan tayar mini da zuciya in ban ci abinci ba.

Sista Murja: Ki sha bayan kin ci, da ruwa cikakken kofi, kada ki kwanta nan take. Kada ki haɗa ta da madara ko nono ko maganin ƙarin jini a lokaci ɗaya, ki ba da tazarar awa biyu zuwa uku. Ranar da aka ce ki karɓo sakamakon tsiron wace rana ce?

Maman Khalil: Talatar sama ta sati uku. Na rubuta a bangon kicin. Shi kuma gobe girkina ne, zan sake gwada shi bayan isha'i.